Wa Ke da Ikon Taɓa Rajistar Kaya da ta Masu Kawo Kaya?

Bayanan da kamfani ke ajiyewa a kwamfuta iri biyu ne. Akwai na harkar yau da kullum: an sayi buhu kaza ranar Talata, an biya wane kuɗinsa ranar Alhamis, an fitar da galan biyu na man inji daga sito. Waɗannan sau ɗaya suke faruwa su wuce. Akwai kuma bayanan tushe, waɗanda ake rubutawa sau ɗaya sannan kowace harka ta riƙa komawa gare su. Manya daga cikinsu su ne rajistar kaya, inda kowane abin da kamfani ke saye ko sayarwa yake da shafinsa da lambarsa, da rajistar masu kawo kaya, inda kowane dila ko ɗan kwangila yake da nasa shafin mai ɗauke da sunansa, adireshinsa, lambar harajinsa da asusun bankinsa. Kula da bayanan tushe shi ne tsara wanda zai iya buɗe sabon shafi a waɗannan rajistoci, da wanda zai iya sauya abin da ke ciki, da hanyar da za a bi kada abu ɗaya ya sami shafi biyu.

Dalilin ba su kulawa ta dabam a fili yake. Kuskure a takardar saye ɗaya yana tsayawa a wannan takardar. Kuskure a shafin tushe kuwa yana bin duk takardar da za ta biyo baya, domin manhajar kamfani ba ta sake tambaya. Idan akanta ya ce a biya dila mai lamba kaza, daga shafin dilan manhajar za ta ɗauko lambar asusu, kuma can kuɗin zai tafi, ko lambar daidai ce ko wani ya sauya ta daren jiya.

Duk ɗan kasuwar da ke riƙe da littafin bashi ya san matsalar a ƙaramin mizani. Idan yaron shago ya buɗe wa abokin ciniki shafi da sunan Malam Musa, maigida kuma ya buɗe masa wani da sunan Musa Tela, to ranar lissafi kowane shafi zai nuna rabin gaskiya. A babban kamfani shafukan dubbai ne, masu rubutun suna da yawa, wasu a Kano wasu a Legas, kuma ba su san juna ba.

Yadda tagwayen shafi ke haifar da biya biyu

A ɗauki misalin kamfanin casar shinkafa da ke sayen buhunan zuba kaya daga wani dila. Shekara uku da suka wuce sashen saye ya buɗe masa shafi da wannan suna: ALH. WANE & SONS NIG LTD. Bana sai aka kawo sabuwar ma'aikaciya sashen kuɗi. Takardar neman biya ta iso teburinta, ta nemi sunan a kwamfuta ta hanyar rubuta WANE AND SONS, manhajar ba ta nuna komai ba, domin tsohon shafin da ALH ya fara. Dilan yana ta bugo waya, manaja yana cewa a sallame shi kafin Juma'a. Tunda tana da izinin buɗe shafi, sai ta buɗe sabo: WANE AND SONS NIGERIA LIMITED. Babu mugun nufi a ciki, aiki ta so ta rage. Amma yanzu mutum ɗaya yana da lamba biyu.

Dilan ya kawo buhu 20,000 a kan naira 350 kowanne, jimilla naira miliyan 7. Direbansa ya miƙa takardar neman biya a ƙofar sito tare da kayan, ofishinsa kuma ya aika da kwafinta ta imel. Ta takarda ta bi ta sashen saye aka shigar da ita a tsohon shafi da lamba 0457. Ta imel ta faɗa hannun sashen kuɗi aka shigar da ita a sabon shafi da lamba 457, an bar sifirin farko.

Manyan manhajojin gudanar da kamfani, irin su SAP da Oracle, suna da hanyar kama takardar da aka shigar sau biyu. Suna kwatanta lambar dila, da lambar takardar, da kwanan wata, da adadin kuɗi. Sai dai a ƙarƙashin lambar dila ɗaya suke yin kwatancen. Da zarar lambobin sun zama biyu, a wajen manhajar mutane biyu ne dabam suka kawo kaya masu kuɗi iri ɗaya, kuma babu laifi a hakan. Akwai kariya ta biyu, wato haɗa takardu uku kafin biya: odar saye, shaidar karɓar kaya a sito, da takardar neman biya. Wannan tana kama irin wannan kuskure idan an bi ta. Amma kusan kowane sashen kuɗi yana da hanyar shigar da takarda kai tsaye ba tare da oda ba, saboda kuɗin wuta da haya da makamantansu, kuma ta nan kwafin na biyu ke bi. Naira miliyan 14 ta fita a madadin 7. Idan dilan mai amana ne zai bugo waya. Idan nasa littafin ma a hargitse yake, sai odita ya zo ƙarshen shekara, ko ma ba a gano ba sam.

Ɓarnar ba ta tsaya ga biya biyu ba. Idan aka dakatar da dila saboda ya kawo jabun kaya, shafi ɗaya ake toshewa, ɗayan yana buɗe ana ci gaba da ba shi oda. Idan an ba shi kuɗin kafin alƙalami a shafi na farko, aka shigar da takardarsa a na biyu, ba za a cire abin da ya riga ya karɓa ba. Shi ma manajan saye da ke son neman ragi bisa yawan cinikin shekara, rabin adadin zai gani ya tafi teburin ciniki da shi.

Suna ba ya isa shaida

Babban darasin da masu wannan aiki suka koya shi ne kada a dogara da suna. Suna ɗaya ana rubuta shi Muhammad, Mohammed, Muh'd da Mohd, kuma duka daidai ne a wajen mai shi. Wani ya sa Alhaji a gaba, wani ya taƙaita, wani ya bari. A ɗaya ɓangaren kuma, kamfanoni biyu da ba su haɗa komai ba suna iya ɗaukar suna kusan iri ɗaya. Saboda haka ana neman abin da ba ya sauyawa da hannun mai rubutu, wato lamba.

A Nijeriya lambobi uku ne suka fi amfani. Ta farko lambar rajista ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, wadda ke farawa da RC ga kamfani, ko BN ga sunan kasuwanci, kuma ana iya duba ta a shafin hukumar na intanet. Ta biyu lambar haraji. Ta uku lambar asusun banki, wadda tun 2011 ta koma tsarin NUBAN mai lambobi goma a duk bankunan ƙasar. A Nijar lambar haraji ta NIF da lambar rajistar kasuwanci ta RCCM ne ke yin wannan aiki. Ƙa'idar ita ce manhaja ta ƙi adana sabon shafi sai an cika waɗannan gurabe, kuma ta ƙi karɓar lambar da wani shafi ya riga ya ɗauka. Da an yi haka a kamfanin shinkafar, da ma'aikaciyar ta shigar da lambar RC sai kwamfuta ta nuna mata tsohon shafin, magana ta ƙare a nan.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke ɓata wannan bincike idan ba a lura ba. Lambobi goma na asusu ba su isa su kaɗai ba, domin lamba ɗaya tana iya kasancewa a bankuna biyu dabam, don haka sai an haɗa da sunan banki ko lambarsa. Sannan asusu da yawa da sifiri suke farawa, Excel kuwa yana share sifirin farko idan ya ɗauki abin a matsayin adadi. Wanda ya kwafi jerin asusu zuwa Excel bai mai da gurbin na rubutu ba, zai wayi gari da lambobi tara, kuma kwatancensa da na manhaja ba zai yi daidai ba.

Ba kowane daidaituwar lamba ce maimai ba, kuma a nan ake buƙatar mutum mai hankali. Manoma goma da ke kawo shanshera suna iya karɓar kuɗinsu ta asusun shugaban ƙungiyarsu. Kamfani ɗaya yana iya samun reshe a Kano da wani a Kaduna, lambar haraji ɗaya amma asusu biyu. Tsari mai kyau ba ya hana irin wannan, sai dai ya tsai da shi har wani babba ya duba ya rubuta dalili. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a wuce shiru.

Rabon iko

Tambayar wa zai buɗe shafi tana da amsa ɗaya da kusan kowa ya yarda da ita: kada ya zama wanda ke ba da oda, kuma kada ya zama wanda ke biyan kuɗi. Mutumin da ke iya ƙirƙirar dila kuma yake iya biyansa yana iya ƙirƙirar dilan da babu shi, ya sa asusun ƙaninsa, ya shigar da takardar gyaran janareto, ya biya. Babu mai ƙorafi, domin babu dilan gaske da aka cuta. A Amurka dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari su nuna cewa suna da matakan tsaron kuɗi na cikin gida, kuma raba waɗannan ayyuka yana cikin abubuwan farko da masu binciken kuɗi ke dubawa, can da sauran ƙasashe.

A aikace, hannu uku buƙata ke bi. Mai nema shi ne wanda ke son a yi ciniki da sabon dila, yawanci daga sashen saye. Fom yake cikewa, ya haɗa da takardar rajistar kamfanin, shaidar haraji da shaidar asusu daga banki, amma ba shi da izinin taɓa rajistar. Mai kula da rajista shi ne ke bincika ko dilan yana ciki tuntuni, ya tabbatar da takardun, ya rubuta sunan bisa ƙa'ida ɗaya, sannan ya shigar. Irin waɗannan ma'aikata ana so su zama kaɗan, biyu ko uku ko da a babban kamfani, domin yawan hannu shi ke kawo yawan salon rubutu. Mai amincewa kuma babba ne daga sashen da ke da alhakin bayanin, kuma sai ya sa hannu shafin zai fara aiki. Ma'aikatan kwamfuta aikinsu saita izini ne kamar yadda aka umarce su. Kuskure ne da ya zama ruwan dare a miƙa musu rajistar kacokan don kawai a kwamfuta take, alhali ba su ne suka san ko dila na gaske ne ba.

Shafi ɗaya ma ana raba shi gida-gida. SAP ta daɗe da wannan tsari: shafin dila yana da ɓangaren gama-gari mai suna da adireshi, da ɓangaren lissafin kuɗi, da ɓangaren saye. A tsohuwar manhajar, umarnin MK01 na ma'aikatan saye ne, FK01 na ma'aikatan kuɗi, XK01 kuma na ofishin tsakiya mai iya cika duka. A sabuwar S/4HANA, wadda ta fito a 2015, an tattara su ƙarƙashin BP, amma har yanzu ana iya ba kowane sashe izinin abin da ya shafe shi kaɗai. Amfanin haka shi ne jami'in saye yana iya gyara kwanakin da dila ke ɗauka kafin ya kawo kaya ba tare da ya sami hanyar zuwa gurbin asusun banki ba.

Ƙaramin kamfani mai ma'aikatan ofis uku ba zai iya wannan rabo ba, kuma babu amfanin yi masa wa'azin abin da ba zai iya ba. Abin da zai iya shi ne maigida ya riƙe amincewa a hannunsa, kuma kowane mako a buga masa jerin sababbin shafuka da duk sauyin da aka yi, ya karanta da kansa. Sharaɗin shi ne kowa ya shiga kwamfuta da sunansa da kalmar sirrinsa. Inda ofis gaba ɗaya ke amfani da kalmar sirri ɗaya, tarihin sauyi zai nuna an yi abu, amma ba zai nuna wanda ya yi ba.

Gurbin da ya fi kowanne haɗari

Buɗe sabon shafi yana jan ido, shi ya sa ake sa masa tsaro. Sauya tsohon shafi ba ya jan ido, kuma a nan aka fi yin babbar asara. Dilan da aka shekara biyar ana ciniki da shi ba wanda ke zarginsa. Idan wasiƙa ta zo da tambarinsa tana cewa sun sauya banki, a riƙa biya a sabon asusu, akanta mai yawan aiki zai gyara cikin minti biyu. Kayan na gaske ne, odar ta gaske ce, takardar neman biya ta gaske ce, haɗa takardu uku zai wuce lafiya. Kuɗin ne kawai zai tafi wajen ɓarawo, kuma ba za a sani ba sai dilan ya gaji da jira ya bugo yana tambaya, lokacin an riga an kwashe asusun.

Girman kamfani ba ya kare shi daga wannan. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi wa kamfani rajista a Latbiya da suna irin na Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke ƙera kayan kwamfuta wanda Google da Facebook ke ciniki da shi da gaske. Ya buɗe asusu da wannan suna, aka riƙa aika wa ma'aikatan kamfanonin biyu saƙonnin imel da takardun bogi ana neman a biya bashin a waɗannan asusun. Sama da dala miliyan 100 ta fita ta haka. Wata kotun tarayya a New York ta yanke masa ɗaurin shekara biyar a Disamban 2019.

Wannan labari yana nuna iyakar wata kariya da ake yawan dogara da ita a Nijeriya. Idan mutum ya shigar da lambar asusu a manhajar banki, sunan mai asusun yana fitowa kafin a tura kuɗi, kuma duba wannan suna mataki ne mai kyau da ke kama ɓarayi marasa dabara. Amma wanda ya yi rajistar kamfani mai suna makamancin na dilan, sunan da zai fito zai yi kama da na gaskiya. Don haka mataki mafi ƙarfi shi ne kiran waya, kuma a lambar da ke cikin tsohon shafi tun kafin wasiƙar ta zo. Kiran lambar da ke jikin wasiƙar tambayar ɓarawo ne ko shi ɓarawo ne. Daga nan ne ake gane cewa gurbin lambar waya da na imel su ma suna buƙatar tsaro, domin mai wayo yakan fara neman a sauya lambar waya a wannan wata, sannan ya nemi sauya asusu a wata mai zuwa.

Manhaja tana iya tilasta bin wannan tsari. A SAP ana iya ware wasu gurabe a matsayin masu haɗari. Da zarar an taɓa ɗaya daga cikinsu, biyan wannan dila ta hanyar biyan bai-ɗaya yana tsayawa har sai wani ma'aikaci dabam ya tabbatar da sauyin ta umarnin FK08, kuma wanda ya yi sauyin ba zai iya tabbatar wa kansa ba. Kowane sauyi yana barin sawu: sunan wanda ya yi, rana, lokaci, abin da ke wurin da, da abin da aka sa. Odita mai gogewa yana neman alama ɗaya musamman a cikin wannan tarihi, wato asusun da aka sauya gab da ranar biya sannan aka mai da shi yadda yake bayan kwana biyu. Irin wannan kai-komo yawanci aikin na cikin gida ne.

Rajistar kaya

A ɓangaren kaya ba a cika satar kuɗi kai tsaye ba, asarar a hankali take ci. A koma kamfanin shinkafar, a shiga siton kayan gyara. Akwai boris ɗin da injina da yawa ke amfani da shi, mai lamba 6205, wanda ramin cikinsa milimita 25 ne, faɗinsa na waje 52, kaurinsa 15. Mutum uku sun shigar da shi a lokuta dabam:

```
BEARING 6205 2RS
BRG 6205-2RS
6205RS BALL BEARING
```

A shafi na farko saura guda 4, a na biyu 18, a na uku 9. A kan kanta akwai 31, amma shafi na farko ne aka saita wa ƙa'idar cewa idan ya gaza 10 a sayo 20. Manhaja ta ga 4, ta fitar da buƙatar saye, aka sayo, yanzu akwai 51 na abin da ƙila ba a cin goma a wata. Wata rana kuma akasin haka ke faruwa: inji ya tsaya da tsakar dare, makaniki ya nemi shafin da ya sani ya ga sifiri, aka jira gari ya waye a aika kasuwa, alhali kayan suna kwance a sito da wata lamba.

Maganin yana farawa daga ƙa'idar rubuta suna. Ana fara rubuta sunan abin, sannan irinsa, sannan ma'auninsa, kullum a jeri ɗaya, kuma ana ajiye jerin taƙaitawar da aka yarda da ita, domin gurbin suna ƙarami ne. A SAP haruffa 40 ne kacal. Sannan ana wajabta cika sunan kamfanin da ya ƙera abin da lambar da ya ba shi, a yi binciken maimai da ita bayan an cire sarari da karan tsakiya. Kayan da ake sayarwa a kantuna sun fi sauƙi, tunda suna zuwa da lambar nan mai zane-zane ta ƙungiyar GS1, yawanci lambobi 13, waɗanda aka yi wa rajista a Nijeriya suna farawa da 615. Rundunonin sojan ƙawancen NATO sun daɗe da bin ƙa'idar abu ɗaya lamba ɗaya, inda kowane kayan aiki ke da lamba mai 13 da duk ƙasashen ke ganewa.

Sai dai a nan ma haɗa abin da ya yi kama yana da nasa haɗarin. Boris 6205-2RS da 6205-ZZ girmansu ɗaya, kuma akawun da bai san inji ba zai ce tagwaye ne. Na farko murfin roba gare shi gefe biyu, na biyu murfin ƙarfe, kuma a wurin da ƙurar ɓuntu ke tashi na roba ya fi hana datti shiga. Shi ya sa mai amincewa da shafin kayan gyara injiniya ne, mai amincewa da shafin magani a asibiti masanin harhaɗa magunguna ne. Haka kuma ma'aunin ƙidaya: idan shafi ya ce katan, sito kuma yana fitarwa ɗai-ɗai, lissafi zai ɓaci tun daga ranar farko, kuma manhajoji da yawa ba sa barin a sauya wannan gurbi muddin akwai kaya ko oda a kansa.

Share abin da ya riga ya taru

Kamfanin da ya shekara goma ba tsari zai tarar da tagwaye da yawa, kuma ba sai ya sayi sabuwar manhaja ba kafin ya fara nemansu. Ana fitar da rajistar dilolin zuwa Excel, a haɗa lambar banki da lambar asusu a gurbi ɗaya, misali layin C, sannan a sa wannan a layin da ke gefe a ja shi ƙasa:

```
=COUNTIF(C:C,C2)>1
```

Duk inda ya nuna TRUE, akwai wani shafi mai asusu iri ɗaya. Ana maimaita haka da lambar haraji da lambar waya. Akwai kwatance ɗaya da ba kowa ke son yi ba amma yana da amfani, wato gwada asusun diloli da asusun albashin ma'aikata. Bayan lambobi sai a koma suna, a cire kalmomi irin su ALH, NIG, LTD da ENT, a jera abin da ya rage bisa haruffa, mutum ya bi da ido.

Idan an tabbatar shafuka biyu na mutum ɗaya ne, ba a goge ko ɗaya, domin tsofaffin biya da ododi suna rataye da lambar, kuma masu binciken kuɗi da na haraji za su nemi ganinsu. Ana zaɓar wanda zai ci gaba, yawanci mai cikakkun takardu da yawan harka. Ana mai da bashin da ba a biya ba da ododin da ke buɗe zuwa kansa, a toshe ɗayan daga saye da biya, a rubuta lambar mai ci gaba a jikinsa don wanda ya neme shi gobe ya san inda zai nufa. A sito kuma sai an ƙirga kayan da hannu kafin a haɗa adadinsu a shafi ɗaya, a sauya lambar da ke manne a kanta, in ba haka ba makaniki zai ci gaba da neman tsohuwar. Shafukan da aka daɗe ba a yi harka da su ba su ma ana toshe su, wasu kamfanoni bayan shekara ɗaya, wasu bayan biyu, domin dilan da aka manta da shi ne mai son cuta ke farfaɗowa ya sauya wa asusu.

Abin da ke rusa irin wannan tsari bayan an kafa shi yawanci jinkiri ne. Idan buɗe sabon dila yana ɗaukar mako biyu, inji kuma ya tsaya yau, ma'aikata za su nemi hanyar zagaye. Za su shigar da cinikin a shafin dilan lokaci ɗaya, wanda aka tanada don ƙananan sayayya, inda ake rubuta suna da asusu a kan kowace takarda ba tare da bincike ba, ko su ari shafin wani dila su biya ta hannunsa. Don haka ofishin rajista yakan ɗaura wa kansa wa'adi, misali kwana biyu na aiki ga buƙatar da takardunta suka cika, da hanyar gaggawa ta awanni kaɗan wadda babba ke sa wa hannu, sannan a sa iyakar kuɗi a shafin lokaci ɗaya, a riƙa duba sunayen da ke maimaituwa a cikinsa kowane wata ana buɗe musu shafinsu na dindindin.